Gwangwanin Malam Fanko

Shekara ashirin da shida Malam Fanko ya yi a sashen ilimin kwamfuta, kuma a duk tsawon wannan lokaci ofis ɗaya ya zauna, na ƙarshe a barandar hawa na biyu, wanda tagarsa ba ta rufuwa sai an cusa mata takarda. Da can malamin lissafi ne a sakandare. Aka ɗauke shi ya riƙe aji na zango ɗaya kafin a samo mai babban digiri. Masu babban digirin sun zo, wasu sun tafi, wasu sun zama shugabanninsa, shi kuwa yana nan da kwas ɗinsa na 'yan aji uku, wanda ba mai sha'awar karɓa.

Kwas ɗin na nahawun na'ura ne, wato yadda ake rubuta 'yan ƙa'idoji kaɗan da za su haifar da jerin alamomi iri kaza, su hana wani iri. Ranar farko kullum da baka yake farawa, irin bakar nan da ake buɗewa a rufe a rubutu. Sai ya rubuta a allo:

S → (S) | SS | ε

"Daga S ake tashi," in ji shi. "Kibiyar nan tana cewa duk inda ka ga S, ka cire ta ka sa ɗaya daga cikin abin da ke gaba, ba ruwanka da abin da ke gefenta. Sandar tsaye tana nufin 'ko'. Za ka iya sa S cikin baka. Za ka iya jera S biyu. Wannan 'yar ƙugiya ta ƙarshe kuwa fanko ce, wato ka share S ɗin, ba komai a wurin. Wanda ya manta da fanko ba zai taɓa gamawa ba, S za ta bi shi har gida."

Ya faɗi haka sau da yawa har kalmar ta zama sunansa. Masu shara ma da shi suke kiransa.

Abin da ɗalibai suka fi tunawa da shi gwangwaninsa ne. Tsohon gwangwanin alewa ne, fentin murfin ya goge. A ciki akwai katuna da ya yanka daga bangon tsofaffin fayil, farare da jajaye, kowane da gajeren jeri a kai. Shaidu yake ce musu. Farin kati jeri ne da dole nahawunka ya iya haifarwa, kamar (()) ko ()(). Jan kati jeri ne da bai kamata ya fito ba ko ta wace hanya, kamar )( wanda aka rufe kafin a buɗe. Akwai farin kati guda da ba a rubuta komai a kansa ba, shi ne na fanko. In ɗalibi ya kawo amsa, Malam ba ya cewa daidai ko kuskure. Sai ya girgiza gwangwani, ya zaro kati, ya ce, "Fitar mini da wannan." In katin ya kama mutum, sai Malam ya juya bayan katin ya ja ɗan layi. Katin ()() ya fi kowane layuka, har an ƙara masa takarda da gam, domin kowace shekara sai an sami masu rubuta S → (S) | ε, su manta cewa baka tana iya zama kusa da 'yar'uwarta ba a cikinta ba.

Yana kuma gargaɗinsu cewa shaidu suna kama mai kuskure ne kawai. Wanda ya tsallake su duka, sai ya zauna ya faɗi dalilin da ya sa nahawunsa yake daidai.

A gida matarsa ce, wadda ta yi shekara talatin tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Sista yake ce mata, kamar yadda majinyata suke ce mata. 'Ya'yansu uku duk sun yi aure sun bar gidan. Ba ta taɓa fahimtar abin da yake koyarwa ba, ba ta kuma ɓoye ba.

"Shekara ashirin kana buɗe baka kana rufewa," takan ce, "amma ƙofar banɗaki ta gagare ka."

Ita ce ta lura da safiyar da kofin shayi ya zame daga hannunsa na dama, gefen bakinsa ya karkace. Ba ta yi kururuwa ba. Ta duba agogo, ta kira mota. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma saurin da ta yi ne ya rage ɓarnar. Wata biyar ya yi a gida. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo da taimakon sanda, hannun dama kuwa ya zama kamar na aro.

Da ya nemi komawa aiki, kwamitin makarantar ya amince da zango ɗaya na gwaji. A ƙarshensa Shugabar Sashe za ta rubuta rahoto, a ga ko zai ci gaba ko a sallame shi saboda rashin lafiya, saura shekara huɗu ya kai ritaya. Shugabar ɗalibarsa ce a da, shekara goma sha tara da suka wuce. A gaban mutane yana ce mata ranki ya daɗe. Ita kuwa har yanzu in ya shigo ofishinta sai ta miƙe.

Ya koyar da zangon da hannun hagu. Rubutunsa a allo ya koma kamar na ɗan firamare, ɗalibai suka yi haƙuri da shi. Gwangwanin dai ya daina zuwa aji, domin buɗe murfin yana buƙatar hannu biyu, shi kuma ba ya son a ga yana fama. Ya ajiye shi a gida, a saman kabad.

Jarrabawa ta zo. Tambaya ta huɗu kashi biyu ce. Na farko na baka, wanda suka yi a aji. Na biyu mai maki goma, ba su taɓa yin sa ba: a rubuta nahawun da zai haifar da duk jerin 0 da 1 wanda yawan 0 ya yi daidai da yawan 1, ko yaya aka jera su. Takardar amsoshi, wadda da ita ake bin maki, ya rubuta ta wata ranar Laraba bayan ya dawo daga asibiti, inda ake gasa masa hannu. A ƙarƙashin kashi na biyu ya sa:

S → 0S1 | 1S0 | ε

Ya gwada 01 a ka, ya fito. Ya gwada 0011, ya fito. Ya gwada 0101, shi ma ya fito, 0 da 1 a waje, 10 a ciki. Ya ajiye biro yana murza yatsunsa.

Takardu ɗari da goma sha biyu ne, ba suna a kansu sai lamba. Kwana shida ya yi yana dubawa a teburin falo. Da can kowace takarda sai ta gamu da shaidu. Wannan karon takardar amsoshi ya shimfiɗa a hagu, ta ɗalibi a dama, abin da ya yi kama ya ba shi maki, ya wuce. Ranar Litinin ya kai sakamako ofishin jarrabawa, kwana biyu kafin wa'adi. Shugabar Sashe ta tare shi a baranda da fara'a.

"Malam, kai ka riga kowa. Masu hannu biyu ma ba su kawo ba."

Ya koma gida ranar yana jin sandar ta yi masa sauƙi. Ranar Alhamis za a zauna taron tabbatar da sakamako, daga nan rahotonta ya tafi.

Da hantsin Talata Sista ta hau kujera ta sauko da gwangwanin. Mai gasa masa hannu a asibiti ya ce a riƙa sa shi tsince ƙananan abubuwa da yatsun dama, shi kuwa ya ƙi maɓallai, ya ce ba tela ba ne.

"To ga 'ya'yanka," ta ce, ta zazzage katunan a kan tebur. "Ɗaya bayan ɗaya, ka mayar da su. Da dama, Malam, ina ganin hagun nan tana leƙowa."

"Sista, ke da ritaya ba ta kama ki ba."

"Majinyaci ɗaya ya rage mini, kuma shi ya fi duka taurin kai. Ɗauka."

Ya ɗauki na farko, ya kuɓuce. Ya sake. A minti goma ya mayar da bakwai. Na takwas farin kati ne daga ɗaurin 0 da 1, wanda ya yanka shekarun baya lokacin da tambayar take cikin darasi. An rubuta 0110. Yana riƙe da shi tsakanin babban yatsa da manuniya, yana jiran hannun ya yarda ya ɗaga, sai kansa ya fara aikin da ya saba ba tare da an sa shi ba. Daga S. Jerin ya fara da 0, to 0S1 ke nan. Amma 0S1 da 1 yake ƙarewa, wannan kuwa da 0 ya ƙare. To 1S0? Wannan da 1 yake farawa. Fanko kuma ba komai. Ƙa'idojin uku ne, sun ƙare.

Katin ya faɗi ƙasa.

"Hannun ne?" in ji Sista, ta riga ta kama wuyan hannunsa tana duba fuskarsa. "Yi mini murmushi. Ɗaga gira."

"Ba jikina ba ne. Miƙo mini jakata."

Kwafin takardar amsoshin yana ciki. Ya daɗe yana kallon layin. Babu SS. Abin da ya fi shekara ashirin yana kama yara da shi, shi ne ya bari a baya. Nahawun nasa yana haifar da jerin da farkonsa da ƙarshensa suka bambanta kawai, kamar zobe cikin zobe. 01 da 10 zaune gefe da gefe ba su da hanyar fitowa.

Sai wata takarda ta faɗo masa a rai. Ta tamanin da bakwai ce a ɗaurin, ya duba ta da rana tsaka, rana ta biyar, idonsa na yaji. Rubutu ne ƙanana, a tsare. Mai ita ya rubuta S → 0S1S | 1S0S | ε. Malam ya ga S ta yi yawa, bai yi kama da na takardarsa ba, ya ba da biyu cikin goma. Yanzu ya jawo bayan ambulan, ya bi amsar da hagu. S ta zama 0S1S. S ta farko ta zama fanko, saura 01S. Wannan S ta zama 1S0S, duka biyun suka zama fanko. 0110. Kuma ba sa'a ba ce. In jeri ya fara da 0, ka bi shi kana ƙirgawa har wurin farko da yawan biyun ya daidaita, dole alamar wurin ta zama 1. Abin da ke tsakaninsu daidai yake, abin da ya rage a baya ma daidai yake. Haka in ya fara da 1. Kowace ƙa'ida kuma 0 ɗaya da 1 ɗaya take ƙarawa tare, don haka jan kati ba zai fito ba. Amsa ce da a da zai karanta wa aji.

Ya buɗe kwafin sakamakon. Lambar tana da maki talatin da takwas, ana cin kwas da arba'in. A gefenta akwai ɗan tauraro, alamar da ofishin jarrabawa yake sa wa wanda wannan ne zamansa na ƙarshe, in ya faɗi an kore shi.

Ya yi wa Sista bayani, ba na nahawun ba, na mutumin. Ta saurara har ya gama, tana tattara katunan da suka watse.

"Wa ya sani?" ta ce.

"Ni. Sai ke."

"Shi mai takardar fa?"

"Zai ɗauka shi ne bai iya ba. Wa zai yi zaton Malam Fanko ya manta SS?" Ya yi 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "In na faɗa, Sista, me Shugabar Sashe za ta rubuta? Hannu dai kowa ya gani, an yi haƙuri. Wannan kuwa kaina ne. Na kalli amsa mai kyau ban gane ta ba."

Ta zauna kusa da shi. Ta san abin da gidan nan yake zama masa in ba aji. Ta ga watanni biyar ɗin, yadda yake sa riga da safe ya zauna yana kallon ƙofa.

"Kan da ya lalace ba ya kama kansa da kati," ta ce. "Gajiya ce, na gaya maka ka riƙa hutawa ka ƙi. Amma ba zan ce maka za su fahimta ba, ban san su ba." Ta rufe gwangwanin, ta ɗora masa a cinya. "Wace riga zan goge maka?"

Da safiyar Laraba ta raka shi har ƙofar sashen, ta zauna a bencin baranda da jakarta. Shugabar Sashe ta miƙe da ya shigo. Da ta ga gwangwanin sai ta yi dariya.

"Malam, me na yi kuma? Na ci kwas ɗin nan tuntuni."

"Ranki ya daɗe, buɗe mini. Hannun ba ya iyawa."

Wannan ne karo na farko da ya roƙi wani a makarantar. Ta buɗe. Ya ajiye takardar amsoshin a gabanta, ya ɗora katin a kai.

"Fitar mini da wannan."

Ta ɗauki biro tana murmushi. Ta rubuta S, ta ja kibiya, ta tsaya. Murmushin ya tafi a hankali. Ta duba sa hannun da ke ƙasan takardar, nasa da nata, domin ita ma ta sa hannu a matsayin mai tantancewa.

"Ni ma na wuce shi," ta ce.

"Ke kin yarda da ni ne. Laifin ba iri ɗaya ba ne." Ya gaya mata na takarda ta tamanin da bakwai, da tauraron, da cewa duk waɗanda suka rubuta irin tasa ya ba su goma alhali amsarsu ba ta cika ba. Bai rage komai ba. "Ki sa a rahoton yadda ya faru. Kada ki gyara mini."

Ta jujjuya katunan. Ta zaro na ()() mai ƙarin takarda, ta juya bayansa.

"Ɗaya daga cikin layukan nan nawa ne. Na fita ajin ina kuka, na ce wannan mutumin mugu ne." Ta mayar da shi. "Malam, zan rubuta duka. Da kuskuren, da wanda ya kama shi, da ranar da ya kawo shi. Abin da za su yanke ba a hannuna yake ba."

"Haka nake so."

"Yanzu dai muna da yau ɗaya. A kawo ɗaurin."

Suka zauna a ofishinta daga ƙarfe goma har biyar. Ita take buɗe takardu tana karantawa, shi yake zaro shaidu. Sista ta shigo sau biyu da shayi, na uku ta ƙwace masa biro ta ce minti goma sha biyar ba mai magana, Shugabar Sashe ma ta bi umarni. Takardu sittin da ɗaya sun rubuta irin amsarsa, aka mayar da su shida cikin goma, tun da duk abin da suke haifarwa daidai ne, sai dai ba sa haifar da duka. Uku daga cikinsu suka sauko ƙasa da arba'in. Ba mai tauraro a cikinsu, suna da damar sakewa, amma Malam ya rubuta lambobinsu a bangon littafinsa ya daɗe yana kallo. Takardu huɗu suka ƙaru. Ta tamanin da bakwai ta koma arba'in da shida.

Bayan mako uku wasiƙar kwamiti ta zo. Babban aji da jarrabawa an ba wani. Shi an bar masa darasin ƙananan rukuni, Talata da Alhamis, mutum goma sha biyar a zama, tare da masu sake kwas ɗin, kuma za a sake dubawa bayan shekara. Ya karanta sau biyu a teburin falo. Ajin nan mai hawa-hawa, wanda ya tsaya a gabansa shekara ashirin da shida, ya fita daga hannunsa. Sista ta dafa kafaɗarsa ta bar hannun a wurin.

"Yaran nan uku za su zo wurina," ya ce can. "Da sauƙi."

"Shi mai tauraron fa, ka san ko wane ne?"

"Ban tambaya ba. Ya ci, ya tafi abinsa."

Ya ce ta buɗe masa gwangwanin. Ya lalubo katin 0110, ya juya bayansa. Layuka tara ne a wurin, duk sun koɗe. Ya ɗauki biro da hagu, sai ta buge masa hannu a hankali.

"Da dama."

"Sista, zai karkace."

"Ya karkace mana. Wa zai ba ka maki?"

Ta danne masa katin da yatsu biyu don kada ya zame. Ya ɗauki lokaci kafin biron ya zauna a yatsunsa. Ya ja layi na goma, ya fito a karkace, ya fi sauran tsawo. Ya mayar da katin da kansa, ita kuma ta rufe murfin ta sa gwangwanin a jakarsa ta zuwa aiki, kusa da maganinsa na rana.